Yadda ake warware x² < x + 2 da zane a takardar giraf

Yaran da nake yi wa darasin lissafi da yamma a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, da sun ga alamar < tare da x² sai jikinsu ya yi sanyi. Alhali tambayar guda ce: a ina ne wannan zane yake ƙarƙashin wancan?

Da farko ka raba tambayar gida biyu, kowane ɓangare ka ba shi nasa y. Na hagu y = x², na dama y = x + 2. Sai ka yi jadawali daga x = -2 zuwa 3. Na hagu zai ba ka 4, 1, 0, 1, 4, 9, na dama kuwa 0, 1, 2, 3, 4, 5. Ka lura da (-2)², amsarsa 4 ce. Na sha ganin -4 a littafin yara, sai zanen ya karye ta gefen hagu.

Ka zana su biyun a takarda ɗaya, da ma'auni ɗaya. Na x + 2 miƙaƙƙen layi ne, sa rula. Na x² lanƙwasa ce kamar ƙwarya a zaune, da hannu ake jan ta, kuma da fensir mai tsini, don dakusasshen fensir yana iya cinye ƙaramin gida guda a mahaɗa.

Yanzu nemi inda suka haɗu. Wuri biyu ne, (-1, 1) da (2, 4). Nan ne mafi yawa suke faɗuwa, sai yaro ya ɗauki 1 da 4 ya ce ya gama. A'a, x aka tambaye ka. Daga kowace mahaɗa sauko da ɗigo-ɗigo har layin x, na kwance, ka karanta -1 da 2. Su ne iyakokinka, sun yanka layin kashi uku.

Ka bi kowane kashi da yatsa. Hagu da -1, lanƙwasar tana sama. Tsakanin -1 da 2 ta nutse ƙarƙashin miƙaƙƙen layin. Bayan 2 ta sake hayewa. Tunda ana neman inda x² ya fi ƙanƙanta, kashin tsakiya ne naka: -1 < x < 2. Su kansu -1 da 2 ba sa ciki, domin a nan ɓangarorin biyu daidai suke. Sai da alamar ≤ za su shiga. Da > aka ba ka, amsar ta rabu biyu: x < -1 ko x > 2.

Kafin ka miƙa, gwada lamba ɗaya daga ciki, ɗaya daga waje. Da x = 0, 0 < 2, gaskiya. Da x = 3, 9 < 5, ƙarya.

Mu dai mun yi sa'a mahaɗarmu ta faɗa kan cikakkun lambobi. Inda ta faɗa tsakanin gidaje, ƙiyasi kawai zane zai ba ka, sai ka daidaita ɓangarorin biyu ka warware don samun ainihin iyakar. In kuma layi ya ratsa lanƙwasar x² sau ɗaya tak a takardarka, ƙara faɗin jadawalin, ɗaya mahaɗar tana can wajen takarda.