Kumburin aiki da ƙarin kwalliya: kurakuran da aka fi yi wajen bambance su

Aikin kwangila yakan wuce iyakarsa ta hanya biyu. Kumburin aiki shi ne a yi ta ƙara abubuwa a kan abin da aka yi yarjejeniya, ba a rubuta ba, ba a ƙara kuɗi ko lokaci ba, kuma galibi daga waɗanda suka ba da aikin ƙarin yake fitowa. Ƙarin kwalliya kuwa daga ma'aikata yake fitowa: su ƙara abin da ba wanda ya nema, don burgewa ko don suna ganin ya fi kyau. Kuskuren da na fi gani shi ne a haɗa su a yi musu magani ɗaya, alhali ƙofofin shigarsu daban ne.

Mu ɗauki misali, alƙalumansa ma na misali ne. Ƙungiyar wata unguwa a Mabera, cikin Sakkwato, ta ba ɗan kwangila aikin rijiyar burtsatse mai sola a kan naira 6,000,000, mako 8, a gama kafin damina. Takardar kwangilar ta ce: haƙa mita 60, injin turo ruwa mai ba da lita 2,000 a awa, tanki ɗaya mai lita 5,000, da kan famfo 4, don mutum 500. Ta kuma ce injin ya tsaya da kansa idan tanki ya cika.

A mako na uku shugaban ƙungiya ya zo duba aiki, ya ce: "Injiniya, tunda kuna nan, ku ja muna bututu zuwa masallaci mana, ai ba nisa." Injiniya ya ce: "To, ranka ya daɗe." Mita 120 ke nan na haƙa rami da bututu. Bayan mako guda ma'aji ya ce a gina kwamin shayar da dabbobi a gefe, aka sake cewa to. Duka biyun kumburin aiki ne. Kuskuren da ake yi a nan shi ne duba kyawun abin. Ruwan alwala a masallaci alheri ne, ba mai musu. Amma tambayar ita ce: wa ya nema, kuma ta wace hanya abin ya shigo? Waɗanda suka ba da aikin ne suka nema, da baki, kuma kuɗi da wa'adi suna nan yadda suke.

Kwamin ya fi bututun haɗari, kuma ga dalili. Idan injin ya samu awa 6 na rana mai ƙarfi, lita 12,000 yake bayarwa a yini. Mutum 500, kowa lita 20, lita 10,000 ke nan, saura 2,000. A zafin Afrilu na Sakkwato saniya ɗaya tana iya shan lita 30 ko fiye. Shanu 100 kaɗai sun cinye 3,000. Wato ginin da ake gani ɗan ƙarami, buhun siminti kaɗan, ya rushe lissafin da aka zaɓi injin a kansa. Da la'asar famfo zai ƙafe, mata da yara na kan layi da jarkoki, kuma ɗan kwangila za a zarga da sa ƙaramin inji. Da yayyafi kogi kan cika. Wanda ya auna kowace buƙata da kuɗin kayanta kawai, bai duba abin da ta taɓa ba, shi zai biya daga ribarsa.

Gyaran ba shi ne a ce wa dattijo a'a ba. A garinmu wannan da wuya, kuma tsarin da ya dogara da ita ba zai yi aiki ba. Abin da injiniya zai ce shi ne: "Ranka ya daɗe, za a iya. Bari in lissafa in kawo a rubuce gobe." Takarda ce shafi ɗaya: abin da aka nema, wanda ya nema, kuɗinsa, kwanakin da zai ƙara, da abin da zai shafa, kamar yawan ruwa. Mutum ɗaya da ƙungiya ta naɗa tun farko shi ke sa hannu, ba kowane ɗan kwamiti ba, kuma ba a saran ƙasa sai ya sa. Sau da yawa idan shugaba ya ga naira 350,000 da kwana 5 a rubuce, da kansa zai ce a bari sai zagaye na gaba. Tun a takardar farko ma ya kamata a rubuta abin da ba ya cikin aiki: babu jan bututu zuwa wani gini, babu shayar da dabbobi. Wannan sashe shi aka fi mantawa.

Sai ɗaya gefen. Mai haɗa sola, yaro ne gwani, ya cire na'urar sarrafa inji da aka rubuta ya sa wata mai tsada wadda ake kunnawa daga waya. Magini kuma ya shimfiɗa tayil mai sheƙi a wurin ɗibar ruwa maimakon daɓen siminti mai kaushi. Ba wanda ya nema. Wannan ƙarin kwalliya ne, kuma kuskuren da ake yi shi ne cewa ai kyauta ce, ba a caji kowa ba. Lallai an biya: da lokacin da ya kamata a yi gwajin ruwa, da kuma matsalar da aka bar wa unguwa. Tayil mai sheƙi idan ya jiƙe santsi yake, a wurin da yara ke ɗauke da bokiti. Na'urar kuwa, ranar da ta lalace, mai gadin rijiya bai san kanta ba, kuma tunda ɗan kwangila ne ya sa ta, shi za a kira.

Takardar canji ba ta kama wannan, domin babu wanda ya nemi komai da za a rubuta. Maganinsa a cikin gida yake. Kada a sayi kaya sai an gwada shi da jerin kayan kwangila, kuma mai kula da aiki ya duba kowane mataki da sharuɗɗan karɓar aiki a hannunsa: abin da ya gaza laifi ne, abin da ya wuce ma abin tambaya ne. Ba na son a kashe wa yaron gwiwa, don tunaninsa na iya zama daidai. A buɗe masa hanya ya kawo shawarar a rubuce, ƙungiya ta karɓa ko ta ƙi.

Akwai kuma masu ganin kowane canji laifi ne. An kai mita 60 ruwa bai wadata ba, aka rubuta, ƙungiya ta amince da ƙarin mita 25 da kuɗinsu da kwana 3. Aiki ya ƙaru, amma ta ƙofar da ta dace, don haka ba kumburi ba ne. Daga ranar, mita 85 ce sabuwar iyakar da za a riƙa awo da ita. Haka ƙwallon da ke tsayar da inji idan tanki ya cika: ba a ambaci sunansa cikin jerin kaya ba, amma takarda ta ce injin ya tsaya da kansa, kuma da shi ake cika wannan sharaɗi. Wanda ya cire shi da sunan rage kwalliya ya bar aiki a gurgunce, ranar karɓar aiki kuma ƙungiya tana da haƙƙin riƙe cikon kuɗinsa har sai ya mayar da shi.