Darasi: Saƙo zuwa banki idan an cire maka kuɗi ba da saninka ba

Wata mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwar Katsina ta tashi sallar asuba ranar Talata, sai ta ga alat ya shigo tun ƙarfe 2:14 na dare: an cire naira 85,000 daga asusunta ta manhajar banki. Ga waya a ɗakinta, kuma ba ta tura wa kowa kuɗi ba. Saura naira 140,000 a ciki, kuma wannan ragowar ce ke cikin haɗari yanzu, domin wanda ya samu hanyar shiga yakan dawo ya kwashe ragowar.

Kafin a rubuta komai, a buɗe tarihin cinikin a manhaja a ɗauki hotonsa. A nan za a ga sunan wanda aka tura wa kuɗin, da bankinsa, da wata doguwar lamba mai alƙaluma 30 da ake rubuta wa Session ID. Da wannan lamba ce banki ke bin sawun kuɗin zuwa inda suka sauka. Wani lokaci kuma ana dubawa sai a tarar ƙaramin caji ne na banki, irin kuɗin alat na wata. Irin wannan cajin tambaya kawai yake buƙata, ba rufe asusu ba.

Ga saƙon da ta tura:

"Barkanku da asuba. Ina sanar da ku an cire naira 85,000 daga asusuna yau Talata da ƙarfe 2:14 na dare ta manhajar waya. Ba ni na tura ba, ban kuma sa kowa ya tura ba. Wayata da katina suna hannuna. Don Allah ku dakatar da fitar kuɗi daga asusuna yanzu, ku rufe manhajar da katin ATM. Ku kuma sanar da bankin da kuɗin suka tafi su riƙe asusun da ya karɓa. Ga hoton cinikin da Session ID. Ina roƙon ku ba ni lambar ƙorafina. Na gode."

A ƙasa ta sa sunanta kamar yadda yake a banki, da lambar asusunta mai alƙaluma 10.

Ku lura, rufewa biyu ta nema. Ta farko a kan asusunta ce, wadda ma'aikatan banki ke ce wa PND: kuɗi na iya shiga, amma ba sa fita. Ita ma mai asusun ba za ta iya cirewa ba har sai ta je reshe da katin shaida an buɗe mata, don haka cefanen kwana biyu sai a nemo shi wani waje. Ta biyun, wato riƙe asusun da ya karɓi kuɗin, ita ce mutane suka fi mantawa, alhali ita ce ke dawo da kuɗi. Rufe asusunka ragowar kawai yake karewa. Abin da ya riga ya fita kuwa, sai in an riƙe asusun da ya karɓa tun ɓarawon bai cire a wurin mai POS ko ya rarraba zuwa wasu asusun ba. In ya riga ya kwashe, dawowar kuɗin tana da wuya ƙwarai. Shi ya sa ba a jiran gari ya waye a buɗe banki. A tura saƙon, a kuma kira lambar da ke bayan katin ATM a maimaita maganar da baki.

Ba a sa PIN a saƙon, ko OTP, wato lambar amfani sau ɗaya da banki ke turowa ta waya, ko kalmar sirrin manhaja, ko alƙaluma uku na bayan kati. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayarsu. Sau da yawa bayan ƙorafi wani yakan bugo waya da murya mai daɗi, ya ce, "Hajiya, daga banki ne, karanto mana lambar da ta shigo yanzu mu mayar miki da kuɗinki." A kashe wayar kawai. Ko ɗanka ne zai taya ka rubutawa ko ya mayar da saƙon Turanci, ba ya buƙatar lambobin sirri.

Idan kuma layinka ya mutu haka kawai kafin a cire kuɗin, a faɗa a saƙon, domin alama ce ta cewa wani ya karɓi sabon sim da lambarka, kuma OTP ɗinka wurinsa yake zuwa. Sai a je ofishin kamfanin layin a ranar.

Lambar ƙorafin nan a rubuta ta a takarda a adana. Idan mako biyu suka wuce banki bai warware matsalar ba, da ita ake kai ƙara sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya.

Aiki: Wani direban mota a Daura ya ga an cire masa naira 32,000 ranar Juma'a da ƙarfe 4:40 na yamma, kuma layinsa ya daina aiki tun hantsi. Rubuta masa saƙon a littafinka, sannan ka ja layi a ƙarƙashin rufewa biyun da ya nema.