Yadda ake duba biskit da kayan leda kafin a sa wa yaro a kwanon makaranta

Iyaye da yawa a nan Maradi, in sun tsaya shago da safe, ranar lalacewar kaya kawai suke dubawa, in ba ta wuce ba su jefa cikin jakar yaro. Waɗanda suka juya bayan leda kuma sukan ga ƙaramar lamba a layin sukari su ce madalla, alhali lambar ba ta ledar duka ba ce. Ga yadda nake bi.

Fara da hannu kafin ido. Matsa ledar ki ji abin da ke ciki, domin in siffarsa na iya shaƙe yaro, lissafin sukari ba shi da sauran amfani. Maƙogwaron iska na ƙaramin yaro bai wuce faɗin ɗan ƙaramin yatsansa ba, kuma kafin shekara biyar bai gama iya niƙa abu mai tauri da turamen haƙora ba. Abu mai tauri kuma ƙulluluwa, ko mai santsi, ko mai danƙo, shi ne ke toshe hanyar: gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, har wadda aka lulluɓe da fulawa, aya, gugguru, alawa mai tauri, alawar tsinke wadda kanta ke iya cirewa, cingam, dabino da ƙwallonsa, da jelin nan na ɗan ƙaramin kofi da yara ke zuƙa gaba ɗaya. Yaron da bai kai biyar ba, ba na sa masa ko ɗaya daga cikinsu. A lakwal lokacin hutu yara ba zaune suke ci ba, da gudu da dariya suke ci, ga malama ɗaya da yara cike da aji. Wanda abu ya toshe masa maƙogwaro sarai kuma ba ya iya ihu ko tari, shiru zai yi. Zaɓi abin da ke farfashewa tsakanin yatsu biyu, ya jiƙe da sauri a baki.

Sai ki juya bayan ledar. Kayan da suka shigo ta Jibiya da Dan Isa da turanci suke, wasu da faransanci ko larabci, amma teburin iri ɗaya ne. Yawanci jeri biyu ne na lambobi: ɗaya na kowane giram 100, ɗaya na rabon ci guda da kamfani ya yanka da kansa. Nan ake faɗuwa. Kamfani na iya cewa rabo guda biskit biyu ne, amma babu yaron da zai buɗe leda mai shida ya ci biyu ya ajiye huɗu. Saboda haka ki manta da jerin rabo. Nemi nauyin ledar duka, wanda ake rubutawa a gaba ko a gefe, ki yi aiki da jerin giram 100.

Mu ɗauki misali. Biskit mai kirim a tsakiya, leda giram 60, guda shida a ciki. Jerin rabo ya ce sukari giram 7, kamar ba komai. Jerin giram 100 ya ce 35. A turanci layin ana karanta shi shuga, a faransanci sukur, kuma yana ƙarƙashin babban layin da ya haɗa sitaci da sukari, kada ki ɗauki na saman. Lissafin a waya:

```
35 × 60 ÷ 100 = 21
```

Giram 21 ke nan yaro zai haɗiye. Ƙaramin cokalin shayi na ɗaukar kusan giram 4, wato ya sha cokali biyar da ɗoriya. Ma'aunin da hukumomin lafiya na Birtaniya ke amfani da shi ya ce sukarin da aka ƙara wa abinci kada ya wuce giram 19 a yini ga ɗan shekara 4 zuwa 6, giram 24 ga ɗan 7 zuwa 10. To wannan leda ɗaya ta cinye rabon yinin ɗan shekara biyar, ba a lissafa sukarin kokon safe ba. In kuma an haɗa masa da lemun kwali na mililita 200 mai giram 11 a kowane 100, an ƙara 22 a kai. Ni ruwa nake sa wa a gora, lemun ya jira ranar suna.

In kina sauri mai shago na jira, ga gajeriyar hanya: a jerin giram 100, sukari sama da 22.5 ya yi yawa, 5 zuwa ƙasa kaɗan ne. Biskit mai zaƙi kusan duk ya haye, don haka abin yi shi ne rage adadi. Buɗe ledar a gida, sa biyu a kwano, ɗaure sauran. Wannan ma ya fi sauƙi ga aljihu: babban fakiti da aka saya a babbar kasuwa aka raba kwana-kwana yawanci ya fi araha a kan na dala goma ko dala ashirin kullum a ƙofar makaranta. Sai dai a rufe shi da kyau, da damina nan da nan yake yin sanyi.

Gishiri yana da nasa tarkon. Wasu ledoji suna rubuta gishiri kai tsaye, wasu sodiyom suke rubutawa, kuma da miligiram. Sodiyom wani sashe ne kawai na gishiri, sai an ninka shi sau biyu da rabi. Ɗan ƙaramin kayan leda mai ɗanɗanon cuku, leda giram 30, sodiyom miligiram 700 a giram 100:

```
700 × 2.5 = 1750 mg = 1.75 g
1.75 × 30 ÷ 100 = 0.525 g
```

Sama da giram 1.5 a kowane 100 gishiri ya yi yawa, wannan ya haye. Ledar duka kusan rabin giram ce, kuma iyakar ɗan shekara 4 zuwa 6 giram 3 ne a yini, na ɗan 1 zuwa 3 giram 2. Rabin giram ba zai tsorata kowa ba sai an tuna miyar rana da ta dare da dunƙulen magi a cikinsu. Lura kuma, ledar faransanci da waƙafi take raba lamba, 0,8 na nufin ƙasa da giram ɗaya, ba takwas ba. Kada ɗanɗano ya ruɗe ki, biskit mai zaƙi ma yana da gishiri, sukari ne ya rufe shi.

In babu tebur sam, karanta jerin kayan haɗi. Ana jera su ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta, don haka in sukari ne na farko ko na biyu, ko kin ga siro na gulukos kusa da shi, kin san amsa. Wanda aka sake ƙullawa a farar leda babu rubutu, ba ranar lalacewa ba suna, ba na saye wa yaro. Hoton madara ko 'ya'yan itace a gaban leda talla ce, ba a lissafi da ita.

Girman rabo kuwa, abin da zai cika tafin hannun yaron ya isa, tunda abin taɓawa ne kafin a tashi, ba abincin rana ba. In yana dawowa gida ya ture tuwo ko shinkafa, abin kwanon ya yi yawa, rage. Cike gurbin da ayaba ko dafaffen ƙwai da aka yanka a tsaye gida huɗu. Cakulan da kirim ba sa jure zafin watan huɗu a cikin jaka, bar su. Kuma ki yaga bakin ledar da kanki ki juye a kwano, domin yara da haƙori suke buɗewa, guntun ledar ya tafi cikin baki.