Malamai, kada ku yarda da amsar na'ura ido rufe

Idan za ku sa ChatGPT ya tsara muku tambayoyin gwaji, ku fara liƙa masa darasin da kuka koyar, sannan ku ce ya fitar da tambayoyi 10 daga cikinsa kaɗai, kowacce da jimlar da ya ɗauko amsarta. Ku nemi jimlar a littafi. In babu ita, ku jefar da tambayar.

Lissafi kuwa sai da biro. Ni ya taɓa ba ni 3/4 + 1/6, zaɓin A 11/12, zaɓin C 22/24, ya ce A ce daidai. Ai duka biyun ɗaya ne! Da na raba takardar haka, da ɗalibai sun tsare ni a bakin ofis.

Tambayarsa "ka tabbata?" ba tantancewa ba ce, sau da yawa haƙuri zai bayar ya sauya amsa mai kyau.