Kurakuran da aka fi yi wajen tantance rukunin kwatance a gwajin magani

Na gaji da ganin abu ɗaya. Sabon mai bincike ya buɗe rahoton gwaji, ya leƙa Tebur na 1 inda ake jera shekaru da jinsi da tsananin ciwon rukunonin biyu kafin a fara magani, ya bi ginshiƙin p da yatsa, ya ga duk sun haura 0.05, sai ya ce rukunin kwatance, wato waɗanda ba a ba sabon maganin ba, daidai yake da rukunin magani. Ni ma haka na fara, kuma na sha kunya a kansa.

Wannan shi ne kuskure na farko. Abin da p ke tambaya shi ne: in ƙuri'a ce kawai ta yi aiki, sau nawa za a ga bambanci mai girman wannan? To ai da ƙuri'a aka raba mutanen. Duk bambancin da ka gani tun farko, in rabon na gaskiya ne, ƙuri'a ce ta kawo shi, ka san amsar kafin ka yi lissafi. Shi ya sa bayanin CONSORT na 2010, wato ƙa'idojin rubuta rahoton gwajin magani, ya hana yin wannan gwajin a kan Tebur na 1. Abin da ya dame ka shi ne girman bambancin, da kuma ko ya faɗa a kan abin da ke juya sakamako.

Mu ƙaddara gwajin maganin gyambo, mutum 40 a kowane rukuni. Masu ciwon sukari 8 ne a rukunin magani, 14 a rukunin kwatance, wato kashi 20 da kashi 35 cikin ɗari. In ka lissafa, p zai kama wajen 0.13, mai bin ginshiƙi ya ce lafiya lau. Yanzu mu ce ko ba magani, gyambon kashi 40 na masu sukari ke warkewa, na marasa sukari kuwa kashi 80. A rukunin magani za ka sa ran kusan mutum 29 su warke, kashi 72. A rukunin kwatance kusan 26, kashi 66. Tazarar maki shida ke nan, alhali maganin bai taɓuka komai ba. Da bambancin a launin ido yake, ko ya fi haka girma ba ruwanka. Akasin haka ma na faruwa: a gwaji mai dubban mutane, bambancin wata uku a matsakaicin shekaru na iya fitar da ƙaramin p, kuma ba abin da zai canja. Ka kuma tuna, in ka gwada abubuwa 20 da ba su da alaƙa da juna, zato shi ne ɗaya zai faɗo ƙasa da 0.05 haka kawai.

Abin da nake yi, kafin in buɗe teburin, ina rubuta abubuwa uku ko huɗu da na san su ne ke nuna wanda zai warke daga wannan ciwon. Su kaɗai nake dubawa da kyau. In na ga tazara, sai in nemi ko an yi lissafin da ya daidaita ta, kuma ko an zaɓi abubuwan daidaitawar tun a tsarin binciken, kafin a ga sakamako. Wasu na ganin na cika tsanani, ni dai haka na saba.

Na biyun shi ne wanda ya ƙona ni. An taɓa ba ni rahoton wani ƙaramin gwaji in duba. Na ga an rubuta cewa kwamfuta ce ta fitar da jerin rabon, teburin ma ba wani abin tayar da hankali, na sa hannu. Bayan watanni na kai ziyara inda ake ɗaukar marasa lafiya. Sai ga ambulan ɗin rabon a aljihun tebur, farare, marasa kauri, ba lamba a jikinsu. Na ɗaga ɗaya saitin taga, na karanta abin da ke ciki tsaf. Mai ɗaukar mutanen ba ta ɓoye min ba, ta ce in ta ga wanda jikinsa zai iya jure sabon maganin, takan nemo masa ambulan ɗin da ya dace. Tausayi ne ya sa ta, ba ha'inci ba. Amma gwajin ya riga ya lalace, kuma sunana na kan takardar da ta ce ingantacce ne.

Fitar da jeri da ƙuri'a daban, ɓoye shi daban, amma kullum sai an cakuɗa su. In mai ɗaukar mara lafiya ya san rukunin da na gaba zai faɗa, zai iya jinkirta wani, ya shigar da wani. Kuma abin da ya duba ya yi zaɓin, kamar yanayin fuska ko ƙarfin tafiya, ba ya cikin Tebur na 1. Don haka tebur na iya yin kyau, rukunonin kuwa sun sha bamban. Ba yau aka fara ba. A gwajin madara na Lanarkshire a Sikotilan a 1930, mai yara 20,000, an bar wa malaman makaranta damar gyara rabon, suka riƙa tura yaran da suka fi buƙata rukunin madara, har rukunin kwatance ya fi tsayi da nauyi tun ranar farko. A 1995 Schulz da abokan aikinsa sun nuna cewa gwaje-gwajen da ba a ɓoye rabonsu da kyau ba sun fi zuzuta amfanin magani. Gwajin PREDIMED ma, na tsarin cin abinci a Sifaniya, wanda ya fito a 2013, sai da aka janye shi aka sake bugawa a 2018, domin an gano an sa wasu 'yan gida ɗaya a rukuni guda ba tare da ƙuri'a ba, a wani wurin kuma asibiti sukutum aka ba rukuni ɗaya.

Don Allah ku daina gamsuwa da jimlar "an raba su da ƙuri'a". Ku tambaya wa ke riƙe da jerin. Wanda ya fi kwantar min da hankali shi ne rabo daga cibiya ta waya ko ta intanet, bayan an riga an rubuta sunan mara lafiya. In ambulan ne, ya zama mai kauri, a liƙe, da lamba bi da bi. Rabo da ranar haihuwa, ko ranar zuwa asibiti, ko ɗaya nan ɗaya can, duk ba ƙuri'a ba ne. In kuma ana rabawa huɗu-huɗu kuma kowa na ganin abin da aka ba na baya, wanda ya ga uku ya san na huɗu.

Na uku, a duba farko a manta ƙarshe. A misalinmu, a ce mutum 10 sun bar rukunin magani saboda ya yi musu illa, 2 kacal suka bar ɗayan. Mutum 30 ɗin da suka saura su ne masu juriya, ƙuri'a ba ta zaɓe su ba. Ka kwatanta adadin da aka raba da adadin da aka yi lissafi da su, ka karanta dalilin ficewar kowane rukuni, ka tabbata an ƙirga kowa a rukunin da ƙuri'a ta sa shi ko da bai sha maganin ba.

Sauran ƙanana ne. Ka duba ko rukunin magani ya fi samun ziyarar likita da kiran waya, don kulawa ma magani ce. Ka duba ko masu auna sakamako sun san rukunin kowa. Tebur mai kyau fiye da kima, inda kowane layi ya zo kusan daidai da daidai, shi ma abin zargi ne, don ƙuri'a ba ta da irin wannan tsafta. Ta wannan hanyar likita John Carlisle ya bankaɗo ƙirƙirarrun alƙaluman Yoshitaka Fujii, wani mai bincike ɗan Japan, a 2012. In kuma aka ce rukunin kwatance ya samu "kulawar da aka saba", ka nemi a faɗa maka sunan maganin da adadin da aka ba su.