Hanya mai sauƙi ta gane daidaiton naitirojin daga fitsari

Idan kuna son sanin ko jikin majinyaci yana cin naman kansa, kada ku ɓata kuɗi wajen auna dukkan naitirojin da yake fitarwa. Ku tara fitsarin awa 24, ku auna naitirojin na yuriya kawai, sannan ku kwatanta abin da ya fitar da naitirojin da ya ci a abinci; wannan shi ne daidaiton naitirojin.

Dalili kuwa shi ne, idan jiki ya farfasa amino asid, wato tubalan da suka haɗa furotin, hanta ce take karɓar naitirojin ɗinsu ta mayar da shi yuriya, sannan ƙoda ta fitar da ita. Saboda haka mafi yawan naitirojin da jiki ya zubar ta nan yake bi.

A ce majinyaci ya ci furotin giram 75 a rana. Ku raba da 6.25, domin kusan giram ɗaya na naitirojin ake samu a kowane giram 6.25 na furotin, za ku sami naitirojin giram 12. Idan na yuriya a fitsarinsa giram 10 ne, ku ƙara 4 a madadin abin da ya fita ta bahaya, fata da sauran sinadaran fitsari, ya zama 14. Ke nan ya yi asarar giram 2, alamar tsokarsa tana zaizayewa.

Ku duba takardar gwajin da kyau. Idan nauyin yuriya aka rubuta, sai kun ninka da 0.47 tukuna kafin ku sami nauyin naitirojin da ke cikinta.

Dabarar ba ta aiki ga mai ciwon ƙoda, domin yuriya tana taruwa a jininsa, haka ma mai ƙuna ko gudawa mai tsanani, wanda asararsa ta zarce giram 4 ɗin nan.