Kurakuran da aka fi yi wajen gane kifi a hoton kasuwa

Da an turo hoton kifi a faranti ana tambayar sunansa, amsoshin farko kusan kullum daga launi suke fitowa. Baƙi ne, to tarwaɗa ce. Fari ne mai ƙyalli, to giwan ruwa ne. Nan ne kuskure mafi girma yake, domin launi shi ne abu na farko da ke guje wa kifi bayan ya mutu. Ƙanƙara tana koɗe shi, iska tana busar da fata ta yi duhu, inuwar rumfa da hasken fitila suna ƙara nasu, wayar da ta ɗauki hoton ma tana gyara launi yadda ta ga dama. Ko da rai, tarwaɗar da ta tashi a ruwa mai laka da wadda ta tashi a ruwa garau ba su cika zama launi ɗaya ba. Girma ma haka yake, tunda kowane ƙaton kifi ya taɓa zama ɗan ƙarami.

Abin da mutuwa ba ta canzawa shi ne ginin jiki: fukafukai nawa ne, a ina kowanne ya fara, a ina ya ƙare, ina baki ya dosa. Don haka ni idan na karɓi hoto, gadon baya nake fara dubawa, in bi shi da ido tun daga ƙeya har gindin wutsiya.

Ɗaukar duk mai gashin baki a matsayin tarwaɗa

Wannan shi ne wanda na fi gani, kuma shi ne mafi sauƙin gyarawa idan mutum ya san abu ɗaya. Akwai fiffike iri biyu a bayan kifi. Na farko fata ce shimfiɗe a kan tsinkaye, kamar mafici, kana iya ƙirga tsinkayen ɗaya bayan ɗaya. Na biyu tsoka ce zalla, sumul, babu tsinke ko ɗaya a cikinta, kuma kullum tana can baya kusa da wutsiya. Wannan fiffiken tsoka shi ne ke raba yawancin masu gashin baki.

Tarwaɗa ba ta da shi. Fiffikenta na baya guda ɗaya ne, dogo, yana farawa kaɗan bayan kai ya zarce har dab da wutsiya, tsinkayensa masu laushi sun kai 60 zuwa 80. Na ƙarƙashin ciki ma dogo ne, wutsiyar kuma zagayayya. Ramboshi yana da kai irin nata, faffaɗa mai ƙashi, da gashin baki guda 8 kamar nata, da wutsiya zagayayya kamar tata. Idan ka kalli kai kaɗai ba za ka raba su ba. Amma bayansa kashi biyu ne: fiffike mai tsinkaye a gaba, sai ya yanke a wajen tsakiya ko bayan tsakiya kaɗan, daga nan doguwar tsoka ta karɓa har zuwa wutsiya.

Kurungu kuma ginin daban ne. Fiffikensa na gaba gajere ne, a tsaye, da ƙaya mai ƙarfi a bakinsa, sai fiffiken tsoka babba a bayansa. Wutsiyar a tsage take kamar bakin almakashi. Gashin bakinsa 6 ne, kuma na haɓa suna da ƙananan rassa kamar saiwa, abin da ba za ka samu a tarwaɗa ba.

Matsalar hoto ita ce fiffiken tarwaɗa ko ramboshi yana kwantawa ya manne da jiki bayan mutuwa, yauƙi ya rufe shi, sai bayan ya zama kamar layi ɗaya. Gyaran shi ne ka faɗaɗa hoton a kan kashi na uku na ƙarshen jiki. Idan kana ganin sawun tsinkaye jere kamar haƙoran mataji har kusa da wutsiya, tarwaɗa ce. Idan sawun ya ɓace, wurin ya zama santsi mai kauri, ramboshi ne. Akwai kuma ruwa biyu, domin masu kiwo suna haɗa tarwaɗa da ramboshi, kuma ɗan da ake samu yakan fito da dogon fiffike mai tsinkaye da ɗan guntun fiffiken tsoka a ƙarshe. Wanda bai san da wannan ba sai ya yi ta gardama a kan kifin da kowane ɓangare ke da rabin gaskiya.

Ƙirga abin da ya rage ba tare da tunanin abin da aka cire ba

Kifin kasuwa ya bi ta hannuwa kafin ya shiga hoto. Ƙayoyin kurungu, ta baya da biyun da ke gefen ƙirji, suna kullewa a miƙe kuma suna huda hannu, don haka sau da yawa ana karya su tun a bakin ruwa. Wasu masu sayarwa suna datse fukafukai gaba ɗaya, wasu har da wutsiya. Rashin ganin ƙaya a hoto ba hujja ba ce cewa kifin bai da ita. Nemi kututturen: wurin da aka karya yana barin ɗan dunƙule, wurin da aka datse yana barin miƙaƙƙen layi mai kaifi wanda halitta ba ta yin irinsa. Tsawon gindin fiffike, wato inda ya tsiro daga jiki, yana nan ko an aske samansa, kuma shi kake buƙata.

Karanta baki daga kifin da ya mutu baki buɗe

Baki wuri uku yake zama. Ko yana daidai ƙarshen kai yana kallon gaba, ko muƙamuƙin ƙasa ya zarce na sama har bakin ya ɗaga, ko kuma yana ƙarƙashin kai yana kallon ƙasa kamar na kurungu. Abin da ke ruɗa mutane shi ne kifaye da yawa suna iya turo leɓɓansu gaba kamar bututu, kuma wasu a haka suke sandarewa. Karfasa mai ɗan madaidaicin baki sai ta fito a hoto da baki zuru-zuru, mai kallo ya ce ai wannan mafarauci ne.

Kada ka auna faɗin ramin bakin. Dubi kusurwar baki, inda leɓen sama da na ƙasa suka haɗu, ka ga ina ta tsaya idan an kwatanta da ido. Sannan ka nemi wani kifi irinsa a cikin tarin wanda bakinsa ke rufe, tunda da wuya a ce duk sun mutu iri ɗaya. Kusurwar da aka ɗauki hoton ma tana yaudara. Kifin da aka kwantar ya ɗan juya cikinsa wajen mai ɗauka zai nuna baki kamar a ƙasa yake. Alamar hoton da ke daidai ita ce kana ganin ido ɗaya cikakke, zagaye, kuma ba ka ganin ko gefen ɗayan.

Yarda da siffar jiki kamar yadda waya ta nuna

A nan ba sai na daɗe ba. Wayar da aka kusantar da ita wajen kai tana kumbura kan ta tsuke wutsiya. Kifin da aka feɗe cikinsa ya shafe, wanda ya kwana ya kumbura, wanda aka lanƙwasa a kwano ya gajarta. Siffa tana da amfani ne kawai idan kifin na kwance a miƙe kuma an ɗauko shi daga sama tsaye. To a nan za ka iya auna tsayinsa daga gadon baya zuwa ciki, ka ga sau nawa ya shiga tsawonsa daga hanci zuwa gindin wutsiya. A karfasa yakan shiga kamar sau 2 da rabi. A tarwaɗa sau 6 ko fiye.

Hoto guda, daga farko zuwa inda ya tsaya

A ce ga kifi mai ɓawon jiki, launin azurfa, tsawonsa kamar tafin hannu da rabi, kwance cikin tarin karfasa, baki a buɗe. Kowa ya ce karfasa ce tunda da su aka tara ta.

Na fara da baya. A karfasa fiffiken ɗaya ne a haɗe, ƙayoyi 15 zuwa 18 a gaba, tsinkaye masu laushi a baya, babu wani rami mai zurfi a tsakani. A wannan kifin na ƙirga ƙayoyi 7 ko 8 da suka tashi suka sauko, sai gurbi mai zurfi har kusan fata, sannan kashi na biyu mai laushi ya ɗaga. Wannan kaɗai ya fitar da karfasa.

Sai baki. Ko da yake a buɗe yake, muƙamuƙin ƙasa ya zarce na sama a fili, kusurwar bakin kuma ta kai ƙarƙashin ido. A karfasa yawanci ba ta kaiwa can. Goshin ya ɗan lotsa sama da ido sannan ya hau zuwa doro, alhali na karfasa miƙe yake ko a ɗan kumbure. Na ƙarshe na duba layin da ke bin gefen jiki. Na karfasa a yanke yake gida biyu, na sama ya tsaya kafin wutsiya, na ƙasa ya fara daban ya ƙarasa. Na wannan guda ɗaya ne tun daga kai har wutsiya, wadda take zagayayya, kuma babu ratsin tsaye da ake gani jere a wutsiyar karfasar Nilu. Ɗan giwan ruwa ne. Abin da ya ɓatar da mutane shi ne sun saba ganin giwan ruwa ƙato, sun manta yana da ƙuruciya.

Lura da cewa alamomi huɗu ne suka haɗu kafin na furta suna. Alama ɗaya tana iya zama aikin wuƙa ko na inuwa, amma da wuya huɗu su yi ƙarya tare.

Wuce iyakar abin da hoto ke iya nunawa

Sunan kasuwa ba koyaushe yake nufin nau'i ɗaya ba. Kurungu, wanda za ka samu a littattafan kimiyya da sunan Synodontis, nau'o'insa sun haura 100, kuma raba da yawansu sai an ƙirga ƙananan haƙoran muƙamuƙin ƙasa. Karfasa ma iri-iri ce, masana sukan ɗaga marfin gefen kai su ƙirga tsinkayen da ke jikin abin numfashi, abin da hoton faranti ba zai taɓa nunawa ba. Ga kuma irin da masu kiwo suka gauraya. Idan hoto ya kai ka ga kurungu ne, ka ce kurungu ne ka tsaya a nan.

Idan kuma wanda ya turo hoton yana gaban kifin har yanzu, ka roƙe shi hotuna uku. Na farko kifi ɗaya shi kaɗai, kwance a miƙe a gefensa, an ɗauko daga sama da ɗan nisa, da wani abu sananne a kusa don awo. Na biyu ya ja ƙayar gaba ta fiffiken baya da yatsa har fiffiken ya buɗe. Na uku kai daga gefe, an matse bakin ya rufe, kuma idan mai gashin baki ne a juya shi a ɗauki ƙarƙashin haɓa, inda rassan gashin da wurin zaman bakin suke fitowa tare.